Bashin miliyan 30 ba ya nufin kamfani ya durƙushe

Duk lokacin da kamfani ya fitar da takardar bayanin kadarori da basussukansa, sai ka ji wani ya hango layin bashi kaɗai ya fara yaɗa cewa kamfanin ya karye. Wani kuma ya ga jimillar kadarori ya ce ai kuɗi ne jibge. Dukansu rabin takardar suka karanta.

Ƙa'idar akantoci ɗaya ce: kadarori daidai suke da basussuka haɗe da jarin masu kamfani. Kadara ita ce abin da kamfani ya mallaka ko yake bin wasu, bashi kuwa abin da ake binsa. Jari shi ne abin da ya saura idan an cire na biyu daga na farko. Dole ɓangarorin biyu su zo daidai, don haka daidaituwarsu ba shaidar lafiyar kamfani ba ce. Kamfanin da ke dab da rufewa ma takardarsa tana daidaita.

A ce kamfani na da kadarorin miliyan 50, ana binsa miliyan 30. Jarin masu shi miliyan 20 ke nan. A nan ne aka fi ruɗewa, domin mutane na zaton wannan miliyan 20 tana ajiye a banki tana jiran a raba. Ba haka ba ne. Leƙa cikin kadarorin: gini da injina miliyan 30, kayan da ba a sayar ba miliyan 10, kuɗin da ake bin abokan ciniki miliyan 8, tsabar kuɗi miliyan 2 kacal. Jarin ragowar lissafi ne, yawancinsa yana kwance a bulo da ƙarfe.

Tambayar da ta fi dacewa game da bashin ita ce yaushe za a biya. Ka'ida ta ware wanda wa'adinsa zai cika cikin wata 12 daga mai dogon zango. Idan miliyan 18 ce ta kusa, a gwada ta da kadarorin da za su iya zama kuɗi cikin shekara: 10 da 8 da 2, wato miliyan 20. Da kyar ta rufe. Rabin abokan cinikin nan su ƙi biya, ta koma 16, kamfani ya shiga matsi alhali a takarda jarinsa bai ƙare ba. Da a ce miliyan 5 kawai ce ta kusa, sauran kuma sai bayan shekaru, da bashin miliyan 30 ɗin nan bai isa ya tayar da hankalin kowa ba.

Inda nake ganin ƙa'idar ba ta kyauta wa sabon mai karatu ba shi ne ƙimar gini da injina. Galibi ana rubuta su ne a kan farashin da aka saya, ana rage wani kaso duk shekara saboda tsufa. Injin da aka rubuta miliyan 10 zai iya rasa mai saye ko a miliyan 3 ranar gwanjo, kuma babu abin da zai nuna maka hakan a fuskar takardar.