Waiwaye Kan Lissafin Haɗuwar Tsirkiyar Haske Da Alwatika

Kusan duk wani abu mai tsawo da faɗi da kauri da ake gani a allon kwamfuta, tun daga motar wasan bidiyo har zuwa injin da injiniya ya zana, an gina fatarsa ne da ƙananan alwatika masu ɗimbin yawa. Idan kwamfuta tana son sanin launin da za ta ba ɗigo guda a cikin hoto, ɗaya daga cikin hanyoyin da take bi ita ce ta harba tsirkiya daga wurin da idon mai kallo yake, wato miƙaƙƙen layi mai mafari wanda ya fuskanci ɓangare ɗaya, sannan ta bincika wace alwatika ce tsirkiyar ta fara tararwa, kuma a wane wuri takamaimai.

Kayan aikin lissafin sun girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A shekarar 1750 Gabriel Cramer, masanin lissafi na birnin Geneva, ya wallafa ƙa'idar warware jerin ma'auni da har yau ake kiranta da sunansa. A 1827 kuma Bajamushe August Ferdinand Möbius ya nuna cewa ana iya bayyana kowane wuri a cikin alwatika da nauyi uku da aka rataya a kusurwoyinta, waɗanda jimlarsu ɗaya ce. Idan kusurwa guda ta ɗauke nauyin duka, wurin yana kan wannan kusurwa. Idan aka raba daidai wa daida, wurin yana tsakiya. Idan kuwa wani nauyi ya faɗi ƙasa da sifili, to wurin ya fita daga alwatikar. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan duk gwaje-gwajen da suka biyo baya.

Buƙatar ta taso ne a 1968, lokacin da Arthur Appel na kamfanin IBM ya bayyana yadda za a harba tsirkiyoyi don gano abin da ido zai gani da inda inuwa za ta faɗi. A 1980 Turner Whitted na cibiyar bincike ta Bell Labs ya ƙara da cewa tsirkiyar da ta bugi madubi ko gilashi za ta haifi wasu tsirkiyoyin, su ma a bi sawunsu. Shahararren hotonsa ya ci minti 74 a kan kwamfuta samfurin VAX, kuma ya lura cewa kashi 75 cikin 100 na lokacin, wani jin ma sama da kashi 95 idan hoton yana da sarƙaƙiya, yana tafiya ne wajen gwajin haɗuwar tsirkiya da abubuwa. Tun daga nan masu bincike suka san inda za su zuba ƙarfinsu.

Hanyar da aka saba bi a shekarun 1980 mataki biyu gare ta. Da farko a nemo inda tsirkiya ta huda shimfiɗar da alwatikar ke kwance a kai, shimfiɗar da ba ta da iyaka, daga baya a duba ko wurin hudar yana cikin gefuna uku. Didier Badouel ya wallafa wani tsari mai tsafta na wannan hanya a 1990, inda ake jefar da ɗaya daga cikin ma'aunai uku na sarari, wanda alwatikar ta fi fuskanta, domin aikin ya koma kan shafi mai tsawo da faɗi kawai. Hanyar tana da sauri, amma tana buƙatar a adana ma'aunin shimfiɗar kowace alwatika, lambobi huɗu ke nan ƙari a kan kusurwoyi, kuma a zamanin da ma'adanar kwamfuta ke da tsada wannan ƙarin ba ƙaramin nauyi ba ne ga samfuri mai alwatika miliyan guda.

A 1997 Tomas Möller na Jami'ar Fasaha ta Chalmers a Suwidin da Ben Trumbore na Jami'ar Cornell a Amurka suka kawo hanyar da ta zama abin koyarwa har yau. Sun ajiye zancen shimfiɗa gefe guda, suka daidaita bayani biyu na wuri ɗaya: wurin da ke kan tsirkiya, wato `O + t*D`, inda `O` ke nufin mafari, `D` alƙibla, `t` kuma nisan da aka tafi a kan tsirkiyar, da wurin da ke cikin alwatika mai kusurwoyi `A`, `B` da `C`, wato `(1-u-v)*A + u*B + v*C`, inda `u` da `v` da `1-u-v` su ne nauyi ukun nan na Möbius. Ma'auni uku ne suka fito, abubuwan da ba a sani ba su ma uku ne, `t` da `u` da `v`, sai ƙa'idar Cramer ta warware su. A rubutun da ke ƙasa, `cross` na ɗaukar alƙibla biyu ya ba da ta uku da ke tsaye cak a kansu duka, `dot` kuma na ninka lambobinsu ɗaya bayan ɗaya ya tara su zama lamba guda:

```
E1 = B - A;  E2 = C - A;  T = O - A
P = cross(D, E2);  det = dot(E1, P)
u = dot(T, P) / det
Q = cross(T, E1)
v = dot(D, Q) / det
t = dot(E2, Q) / det
```

Tsirkiya ta bugi alwatika idan `u` da `v` ba su gaza sifili ba, jimlarsu ba ta haura ɗaya ba, kuma `t` ya fi sifili, ma'ana alwatikar tana gaba, ba a bayan mafari ba. Marubutan sun ƙiyasta cewa rashin adana shimfiɗa yana rage ma'adanar da ake buƙata da kashi 25 zuwa 50 cikin 100, gwargwadon yadda alwatikai ke tarayya a kusurwoyi. A ganina abin da ya fi wannan daraja shi ne jerin aikin, domin da zarar `u` ya fita daga iyaka ana iya tsayawa ba tare da an taɓa sauran lissafin ba, kuma mafi yawan tsirkiyoyi kuskure alwatikar da aka gwada su da ita suke yi.

Mu ɗauki alwatika mai kusurwoyi `A = (4,0,0)`, `B = (0,4,0)` da `C = (0,0,4)`, da tsirkiya mai tashi daga `O = (1,0,-1)` ta nufi `D = (0,1,1)`. Gefuna biyu sun zama `E1 = (-4,4,0)` da `E2 = (-4,0,4)`, sannan `T = (-3,0,-1)`. Daga nan `P` ya fito `(4,-4,4)`, `det` kuma `-32`. Da yake `dot(T,P)` ya ba da `-16`, to `u` rabi ne, yana cikin iyaka, don haka a ci gaba. `Q` ya fito `(4,4,-12)`, wanda ya ba da `v = 0.25` da `t = 2`. Jimlar `u` da `v` ita ce 0.75, saboda haka an samu bugu, kuma wurin shi ne `(1,2,1)`. Ana iya tabbatar da shi ta ɗaya hanyar: rubu'in `A` da rabin `B` da rubu'in `C` su ma `(1,2,1)` suke bayarwa. Alamar ragi da ke gaban `det` tana da nata saƙon, domin tana nuna cewa tsirkiyar ta zo ne ta bayan alwatikar bisa jerin da aka bi wajen rubuta kusurwoyinta, kuma manhajar da aka tsara don ta yi watsi da bayan abubuwa za ta tsallake wannan bugun da gangan. Da an sauya alƙiblar zuwa `(0,1,0)`, `v` zai fito `-0.25`, tsirkiyar ta wuce ta waje. Da kuma an sauya ta zuwa `(0,1,-1)`, `det` zai zama sifili, wato tsirkiyar tana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da shimfiɗar, babu abin rabawa.

A kan takarda zancen ya ƙare a nan, amma kwamfuta ba ta riƙe lambobi cif-cif. Nau'in lamba mai suna `float` da aka fi amfani da shi a wannan aiki, bisa ma'aunin IEEE 754 na shekarar 1985, alƙaluma kusan bakwai kawai yake riƙewa, sauran ya dunƙule su. Shi ya sa ba a tambayar ko `det` sifili ne, sai dai ko girmansa, ba tare da duba alamar ragi ba, ya gaza wani ɗan ƙaramin adadi, wanda a rubutun manhajar 1997 aka sa shi 0.000001. Matsalar ita ce girman `det` yana bin faɗin alwatikar. Idan ana auna samfuri da mita, kuma tsawon `D` ɗaya ne, alwatika mai kusurwar digiri 90 wadda gajerun gefunanta biyu rabin milimita ne kowanne ba za ta ba da `det` da ya wuce 0.00000025 ba, ko da tsirkiyar ta sauka a kanta kai tsaye. Gwajin zai jefar da ita, alamar haka kuwa ita ce ƙananan sassan samfuri su ɓace daga hoto, su dawo da zarar an ninka girmansa sau dubu.

Shi kansa wurin bugun bai tsira ba. Idan aka lissafa shi da `O + t*D` daga mafari mai nisa, yakan faɗi ɗan kaɗan a ƙarƙashin fatar abin, sai tsirkiyar inuwa da aka harba daga nan ta sake bugun alwatikar da ta tashi daga kanta, hoton ya cika da baƙaƙen ɗigo-ɗigo a wurin da ya kamata ya haskaka. Lissafa wurin daga `u` da `v` da kusurwoyi yakan fi kusantar fatar, domin kuskurensa yana bin girman lambobin alwatikar ne, ba nisan tafiyar tsirkiya ba. Duk da haka sai an ɗan ɗaga mafarin sabuwar tsirkiya daga fatar kafin a harba ta.

Aibi mafi tsanani yana kan gefen da alwatika biyu suka yi tarayya a kansa. Kowace ɗaya tana lissafa nata `u` da `v` daga tata kusurwar `A`, da nata dunƙulewar lambobi, saboda haka tsirkiyar da ta sauka daidai kan gefen tana iya samun hukuncin cewa ta fita da ƙiris daga ta farko, ta kuma fita da ƙiris daga ta biyu. Sai ta ratsa ta tsakani, kamar yadda ruwan sama ke yoyo ta mahaɗar kwanon rufi alhali kowane falle lafiyarsa ƙalau. A hoto wannan yana bayyana a matsayin ɗigon haske a cikin ɗakin da ya kamata ya yi duhu. Ga mai ƙirga sau nawa tsirkiya ta huda fata don ya san ko wuri yana cikin abu ko wajensa, amsar gaba ɗaya ce take juyewa.

A 2013 Sven Woop da Carsten Benthin da Ingo Wald, masu bincike a kamfanin Intel, suka wallafa hanyar da ta toshe wannan kafa. Maimakon a kai tsirkiya cikin ma'aunin alwatika, sai suka kawo kusurwoyin alwatika cikin ma'aunin tsirkiya: a mayar da mafari ya zama sifili, a karkata sarari har tsirkiyar ta miƙe a kan layin `z`, sannan a tambayi kowane gefe a wane ɓangarensa tsirkiyar ta faɗi. Da yake wannan tambaya ta dogara ne ga kusurwoyi biyu na gefen kaɗai, maƙwabtan alwatika suna yin lissafin da lambobi iri ɗaya, amsar ɗaya kishiyar ta ɗayar ce daidai, don haka ba zai yiwu duka biyun su ƙi tsirkiyar ba. Idan amsa ta fito sifili, sai a maimaita wannan ɗan lissafin da `double`, mai riƙe alƙaluma kusan goma sha shida. Sharaɗin shi ne samfurin kansa ya kasance a rufe, kusurwoyin tarayya su zama lambobi guda. Inda kusurwar wata alwatika ta sauka a tsakiyar gefen wata, hanyar ba ta da maganin wannan.

Daga 2018, lokacin da kamfanin Nvidia ya fitar da katinan hoto na RTX, gwajin ya koma cikin ƙirar na'urar kanta, kuma ƙa'idojin bin sawun tsirkiya na DirectX da Vulkan, wato tsare-tsaren da manhajoji ke bi don magana da katin hoto, sun wajabta cewa kada tsirkiya ta ratsa ta gefen tarayya. Wanda yake rubuta nasa gwajin don zaɓar abu da linzamin kwamfuta, hanyar 1997 ta wadatar da shi muddin ya daidaita iyakar `det` da girman samfurinsa. Wanda kuma yake ƙirga huda don raba ciki da waje, hanyar 2013 ya kamata ya ɗauka, tare da ƙarin doka guda da za ta hana a ƙirga bugun da ya sauka kan gefen tarayya sau biyu.