Ruɓewar ɗori: abin da likitan ƙashi ke nufi idan ya ce gaɓa ta mutu

Idan aka kai yaro asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika bayan an yi masa ɗorin gida, likita ya kwance karan ɗorin ya ce hannun ya yi "gangirin", to abin da yake nufi shi ne nama ya mutu saboda jini ya daina kai masa. A gida ruɓewa muke cewa. Wannan matsala ta yawaita har likitocin ƙashi na Najeriya suka ware mata suna, wato ruɓewar ɗori, kuma tun shekarun 1990 likitocin Zariya suka yi rubuce-rubuce a kanta, inda suka nuna tana cikin manyan dalilan yanke wa yara gaɓa a wannan yanki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, akasari ba karayar ce ke kashe hannun ba, ɗaurin ne.

Naman hannu da na ƙafa a cikin wasu jakunkuna yake na tantani mai tauri wanda ba ya miƙewa. Idan ƙashi ya karye, wurin yana ta kumbura har kwana biyu zuwa uku. Maɗori kuwa ranar farko yake jera kara ko tsagin gora ya zagaye gaɓar, ya naɗe da tsumma ya tamke. Kumburi na neman wurin fita, kara ya tare. Sai matsin ya koma ciki, ya fara toshe ƙananan jijiyoyin da jini ke komawa ta cikinsu, kumburi ya ƙaru, matsi ya ƙaru. Naman da ya rasa jini na awa 6 zuwa 8 ba ya farfaɗowa.

A ɗauka yaro ne ɗan shekara 7 a unguwar Tudun Jukun da ke Zariya, ya faɗo daga bishiyar mangwaro ranar Asabar da la'asar, ya dafa ƙasa da tafin hannu. Ƙashin damtse ya karye dab da gwiwar hannu. Wannan karaya ta yara ce sosai, kuma mugun wuri ne, domin babbar jijiyar jinin hannu ta gaban ƙashin take wucewa. Aka yi ɗori bayan magariba.

Cikin dare yaro ya hana kowa barci. Kaka ta ce, "Haƙuri za ka yi, ɗan nan, ɗori ya gaji zafi." A nan ake yin asarar. Zafin karaya raguwa yake yi da zarar an tsayar da ƙashi wuri ɗaya. Zafin da ke ƙaruwa bayan ɗauri, wanda farasitamol ba ya taɓa shi, na naman da ke neman jini ne. Akwai gwajin da kowace uwa za ta iya yi: ta kama yatsun yaron ta miƙe su a hankali. In ya ƙwalla ƙara kamar an soka masa wuƙa a tsintsiyar hannu, jini ya fara yankewa. Ta kuma danna farce ta saki. Ya kamata jan ya dawo cikin daƙiƙa 2. Sai dai kada a dogara da farce kaɗai, ko da bugun jijiyar wuyan hannu, don ana iya jin bugun alhali naman ciki na mutuwa.

Da a daren nan aka iso asibiti, abu na farko da za a yi shi ne a kwance komai har fata. In hannu ya ci gaba da tauri kamar icce, sai a shiga tiyata a tsaga fata da wancan tantanin tun daga gwiwa har tafin hannu don nama ya samu sarari. Ba a ɗinkewa. A kan bar ciwon a buɗe, a sake dubawa bayan kamar awa 48 a cire naman da bai rayu ba, daga baya a rufe, wani lokaci da fatar da aka ɗebo daga cinya. Ƙashin kuma a daidaita shi a soke da siraran wayoyi biyu ko uku, waɗanda ake zarewa bayan mako 3 zuwa 4. Tabo zai yi muni, amma hannu na nan.

To amma ba a zo ba. Ranar Litinin yaro ya daina kuka, gida ya yi hamdala, alhali jijiyoyin da ke kai saƙon zafi ne suka mutu. Yatsu suka yi sanyi, bororo ya fito a gefen kara, aka ce ai maganin shafawa ne ke aiki. Zuwa Alhamis yatsu sun yi baƙi, wari ya cika ɗaki, jiki ya yi zafi rau, fitsari ya ragu ya koma kalar ruwan shayi. Sannan aka nemi mota zuwa Shika.

A wannan mataki hankalin likita ya bar hannun ya koma kan ran yaron. Ruɓewa iri biyu ce. Akwai busasshiya, inda gaɓa ke ƙanƙancewa ta bushe, a ga iyaka ƙarara tsakanin mataccen nama da rayayye. Wannan tana ba da ɗan lokaci. Akwai kuma jiƙaƙƙiya, mai ruwa da wari, wadda ƙwayoyin cuta suka shiga, kuma ita ce ɗori ya fi kawowa, musamman in an yi tsaga an cusa magani. Gubarta na shiga jini, mataccen naman kuma yana sakin abin da ke toshe ƙoda. Shi ya sa kafin a taɓa wuƙa ake sa ƙarin ruwa, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, a yi allurar tetanus, a sa robar fitsari don a auna abin da ƙoda ke fitarwa, a ƙara jini in ya yi ƙasa.

Sai maganar da ta fi kowace nauyi, ta sa hannu a takarda. Uba ya ce, "Likita, don Allah a gwada magani tukuna." Baffa ya ce dama an faɗa, asibiti ba su san komai ba sai yanka. Ni a ganina wannan zance shi ne ya fi kara da tsumma ɓarna: tsoron yanka ke hana zuwa da wuri, jinkirin kuma ke jawo yankan. Wasu ma ɗauke yaron suke yi su koma gida, kuma jiƙaƙƙiyar ruɓewa sama take ci.

Inda za a yanke, nama ne ke faɗa. Likita na hawa sama har ya tarar da nama ja, mai zubar da jini, mai motsi in an taɓa shi. Ga wannan yaro, tunda kara ya kai damtse, sama da gwiwa ke nan. Sau da yawa ba a rufe dungun a ranar. A kan bar shi a buɗe ana wankewa har ruwan ciwo ya ƙafe, sannan a koma tiyata a gyara a ɗinke.

Ba kowane hannu da aka matse ne ke yin baƙi ba. Wani fatarsa na tsira amma naman ciki ya mutu ya koma tabo, bayan watanni yatsu su ƙudundune, wuyan hannu ya lanƙwashe, yaro ya kasa riƙe biro. Wani kuma jini bai yanke ba, ƙashin ne ya haɗe a karkace. Wannan da sauƙi, don ana iya sake yanka ƙashin a miƙe shi ko bayan shekaru.

Shi kuwa wanda aka yanke wa hannu, aiki bai ƙare ba. Ƙashin yaro yana ci gaba da girma, kuma na damtse ya kan yi tsini ya nemi huda fatar dungun, sai an koma an rage shi, wani lokaci fiye da sau ɗaya kafin ya balaga. In kuma an samo masa hannun roba, a Shika ko a asibitin ƙashi na Dala a Kano, duk lokacin da jiki ya ƙaru sai an sake auna shi an yi wani.