Bayanan kuɗi da rahoton shekara na kamfani: inda ake samun su da abin da ake cirowa

Bayanan kuɗi na kamfani takardu ne da daraktoci ke shiryawa a ƙarshen kowace shekarar kasuwanci, su nuna abin da kamfanin ya mallaka, bashin da ake bin sa, cinikin da ya yi, da ribar da ya samu ko asarar da ya tafka. A ƙasashe da dama doka ta wajabta a miƙa su ga hukumar rajistar kamfanoni, inda kowa ke iya dubawa. Rahoton shekara ya fi faɗi: littafi ne da ke ɗauke da waɗannan bayanan, haɗe da jawabin shugaban kamfani, rahoton daraktoci da na odita, wato mai binciken lissafi mai zaman kansa. Rabinsa na farko kamfanin ne ke yabon kansa. Rabi na biyu, inda lambobin suke, shi ne ke da ƙa'idar da aka tilasta a bi, shi ne kuma odita ya bincika.

## Inda ake samun su

Wuri na farko shi ne rajistar gwamnati ta ƙasar da aka yi wa kamfanin rajista, wadda ba lallai ta zama ƙasar da yake harkokinsa ba. A Birtaniya hukumar Companies House ce ke riƙe da ita, kuma duba takardu a shafinta kyauta ne. Mutum ya rubuta sunan kamfani ko lambar rajistarsa, ya shiga sashen `Filing history`, sai ya ga duk abin da aka taɓa miƙawa da ranar da aka karɓa. Kamfanin da ba ya sayar da hannun jari ga jama'a yana da wata 9 bayan ƙarshen shekararsa ya miƙa bayanai, mai sayarwa kuma wata 6. Wannan na nufin lambobin da mai bincike ke karantawa yau suna iya kasancewa sun haura shekara guda da rabi da tsufa.

A Amurka tsarin dabam ne. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suna miƙa rahotanni ga SEC, hukumar da ke sa ido kan wannan kasuwa, ana kuma samun su kyauta a rumbunta mai suna EDGAR. Rahoton shekara shi ne takardar `10-K`, na kowane wata uku `10-Q`, sanarwar wani babban lamari da ya faru tsakiyar shekara kuma `8-K`. Yawancin kamfanonin ƙasashen waje da ke kasuwar Amurka `20-F` suke miƙawa. A cikin `10-K`, haɗurran da ke gaban kamfani suna `Item 1A`, sharhin shugabanni kan sakamakon shekara yana `Item 7`, bayanan kuɗin su kansu suna `Item 8`. Idan aka ga `10-K/A`, gyara ne aka yi wa rahoton farko, kuma ya kamata a buɗe shi a ga abin da aka canza. Amma kamfanin Amurka da ba ya kasuwar hannun jari, komai girmansa, galibi ba ya wallafa bayanan kuɗinsa, don haka rashin ganin sa a EDGAR ba alamar wata matsala ba ce.

Jamus tana da Unternehmensregister, Najeriya tana da hukumar CAC, Indiya kuma ma'aikatar harkokin kamfanoni. A wasu wuraren sai an biya kuɗi kafin a ga takarda. Ga kamfanin da ke kasuwar hannun jari akwai hanyoyi biyu mafi sauƙi: shafin kasuwar da ake sayar da hannun jarinsa, da sashen masu zuba jari a shafin kamfanin kansa, inda akan tarar da rahotannin shekaru da yawa a jere.

## Tabbatar da cewa kamfanin ne

Kuskuren da ya fi yawa yana faruwa tun kafin a karanta lamba ko ɗaya. Sunan da jama'a suka sani sau da yawa sunan kasuwanci ne, a ƙarƙashinsa kuma akwai uwar kamfani da rassa masu kusan suna ɗaya, kowanne da rajistarsa. Suna yana canzawa, lambar rajista ba ta canzawa, don haka ita ake bi. Mai son sanin ko za a biya shi kuɗin kayan da ya bayar bashi, bayanan reshen da ya sa hannu a kwangila zai duba, domin shi ne ake bi bashin a gaban doka. Mai son sanin ƙarfin rukunin gaba ɗaya kuwa haɗaɗɗun bayanai na uwar kamfani zai nema. Babban rahoto yakan ɗauki duka biyun, na rukuni da na uwar kamfani ita kaɗai, wani lokaci a shafi ɗaya, kuma da sauƙi ido ya zame daga wannan layi zuwa wancan.

Sai a rubuta abubuwa uku a gefe: ranar da shekarar ta ƙare, irin kuɗin da aka yi lissafi da shi, da ko lambobin dubbai ne ko miliyoyi. A kuma duba tsawon lokacin, domin kamfanin da ya sauya ƙarshen shekararsa yana iya kawo lissafin wata 15 ko 18, sai cinikinsa ya zama kamar ya bunƙasa alhali watannin ne suka ƙaru.

## Abin da ake cirowa

Gwanaye sukan fara da rahoton odita, ba da riba ba. Abin nema a ciki shi ne ko ya amince da bayanan ba tare da sharaɗi ba, ko ya ware wani ɓangare da bai gamsu da shi ba, ko ya ƙi ba da ra'ayi gaba ɗaya. A rahotannin da aka rubuta da Turanci ana neman kalmomin `going concern`: idan odita ya ce akwai babbar shakka a nan, to yana nufin ba tabbas kamfanin zai iya ci gaba da biyan basussukansa cikin shekara mai zuwa. Sai dai amincewar odita ba shaidar lafiyar kamfani ba ce. Abin da yake cewa kawai shi ne an shirya lissafin bisa ƙa'ida kuma bai ga babban kuskure ba.

Daga takardar riba da asara ana ɗaukar jimillar ciniki, ribar aiki, kuɗin ruwan da aka biya, da riba kafin haraji. Daga takardar kadarori da basussuka ana ɗaukar tsabar kuɗi, bashin da kamfani ke bin masu saye, bashin da zai biya cikin shekara guda, da abin da ya rage wa masu hannun jari bayan an cire duk basussuka. Takarda ta uku, ta shige da ficen kuɗi, ita ce ma'aunin sauran biyun. Ana rubuta ciniki a lissafi ne lokacin da aka yi aiki ko aka ba da kaya, ba lokacin da kuɗi suka shigo ba, saboda haka riba tana ɗauke da hasashen daraktoci a cikinta. Tsabar kuɗi kuwa ko sun shigo ko ba su shigo ba. Idan riba tana hawa shekara bayan shekara amma kuɗin da aiki ke kawowa suna ƙasa da ita, bashin da ake bin masu saye kuma yana ƙaruwa fiye da ciniki, to akwai abin tambaya. Shekara ɗaya ba ta nuna wannan. Kowane rahoto yana kawo lambobin bara a gefe, don haka rahotanni uku a jere suna ba da shekara huɗu.

Bayanan ƙarin haske da ke bin bayan waɗannan takardu su ne mafi tsawo, kuma su mutane suka fi tsallakewa. A nan ake ganin ranar da kowane bashi zai cika, hulɗar kuɗi tsakanin kamfani da daraktocinsa ko 'yan uwan kamfanoninsa, ƙararrakin da ke kotu, da abin da ya faru bayan rufe shekara.

## Misali: Carillion, 2016

Carillion ya kasance babban kamfanin gine-gine da kula da ma'aikatu a Birtaniya. Rahotonsa na 2016 ya nuna ciniki na kusan fam biliyan 5.2 da riba kafin haraji ta kusan fam miliyan 147, odita KPMG kuma ya amince da shi ba tare da sharaɗi ba. Wanda ya tsaya a nan zai ga kamfani mai ƙarfi.

Abin da ya rage wa masu hannun jari a takardar kadarori kusan fam miliyan 730 ne. Amma a cikin kadarorin akwai kusan fam biliyan 1.57 a ƙarƙashin sunan `goodwill`, wato rarar da kamfani ya biya sama da ƙimar kayan wasu kamfanonin da ya saya a baya. Wannan ba gini ba ne, ba kuma na'ura ba ce da za a sayar a biya bashi. Idan aka cire 1,570 daga 730, abin da ya rage shi ne giɓi na kusan miliyan 840. Lamba ta biyu ita ce bashi. Bayan cire tsabar kuɗi, bashin ranar 31 ga Disamba 2016 kusan fam miliyan 219 ne, amma matsakaicinsa a tsawon shekarar, wanda kamfanin da kansa ya bayyana, kusan miliyan 587 ne. Takardar kadarori hoton rana ɗaya ce, kuma kamfani yana iya kintsawa domin wannan ranar, misali ya jinkirta biyan masu kawo masa kaya. Duk da haka kamfanin ya raba wa masu hannun jari kusan fam miliyan 79 a wannan shekarar.

A Yulin 2017 kamfanin ya sanar da ware fam miliyan 845 saboda kwangilolin da ba za su kawo abin da aka rubuta ba, adadin da ya zarce duk abin da ya rage wa masu hannun jari a takardar kadarori. Ranar 15 ga Janairu 2018 aka shiga rusa shi. Lambobin 2016 ba su faɗi ranar rushewa ba, amma sun nuna cewa babu abin da zai tare asara idan ta zo, kuma duka suna cikin takardun da kamfanin ya wallafa.

## Iyakarsu

Ƙananan kamfanoni ba su cika ba da irin wannan dama ba. Dokar Birtaniya ta daɗe tana barin su su miƙa taƙaitacciyar takardar kadarori ba tare da ta riba da asara ba, da yawa kuma an ɗauke musu binciken odita. A irin wannan hali ana kwatanta tararriyar ribar bana da ta bara domin a ƙiyasta sakamakon shekara, tare da tuna cewa rabon riba ga masu kamfani ma yana rage ta. Rajistar kanta tana ƙara haske: jinkirin miƙa bayanai, sauya ƙarshen shekara akai-akai, murabus ɗin odita ko na daraktoci a jere, da sabuwar jinginar kadarori ga mai ba da bashi, duk ana ganin su da ranakunsu. Hukumomin rajista dai galibi karɓar takarda suke yi su ajiye, ba su bin lambobin ɗaya bayan ɗaya, don haka alhakin gaskiyar abin da ke ciki yana kan daraktocin da suka sa hannu.