Ma'anar "-EV" a cacar ƙwallo, da dalilin da tsarin ninki ba ya gyara ta

Wani ƙanena da ke tuƙa Keke Napep tsakanin Rigasa da Kasuwar Barci ya zo mini da littafin rubutu cike da lissafi. Ya ce, "Yaya, ni yanzu ba caca nake yi ba, tsari nake bi. In na faɗi sai in ninka, kuma ba na taɓa wuce abin da na ware." Hukuncin caca a addini ya san shi, na kuma tuna masa. Amma abin da ya riƙe shi imani ne da cewa lissafi yana bayansa, shi ya sa na zauna muka bi lissafin tare.

A zaurukan masu raba wasanni za ka riƙa ganin alamar EV, wani lokaci da ƙari a gabanta, wani lokaci da ragi. Ma'anarta ita ce matsakaicin abin da kowace naira da ka zuba za ta jawo maka idan aka maimaita irin wannan cacar sau da yawa. Ba ta magana a kan wasan daren yau. Idan an rubuta -EV, ana nufin matsakaicin nan asara ne.

Ga yadda asarar take shigowa. A ɗauki wasan da damarsa rabi da rabi ce, kamar jefa kwabo sama. Biyan adalci a nan shi ne od 2.00, wato ka sa dubu ɗaya, in ka ci a ba ka dubu biyu. Kamfanin caca kuwa yakan ba da kamar 1.90 a kowane ɓangare. In ka ci, ribarka naira 900. In ka faɗi, 1,000 ta tafi. A wasa biyu, ci ɗaya da faɗuwa ɗaya, an rage maka naira 100. Ke nan kowace dubu da ka ajiye tana barin naira 50 a hannun kamfani, kashi 5 cikin ɗari. Kana iya gano wannan gibin da kanka: raba 1 da od ɗin kowane ɓangare, ka haɗa. A nan 1 ÷ 1.90 sau biyu ya ba da kusan 1.05, kuma abin da ya haura 1 shi ne ladan kamfani.

To, tsarin ƙanena shi ne wanda ake kira matingel. Jarinsa naira 63,000 ne. Yana farawa da 1,000, in ya faɗi ya sa 2,000, sai 4,000, 8,000, 16,000, har 32,000, inda kuɗin suke ƙarewa. Da zarar ya ci sai ya koma farko.

Na ce masa mu ƙaddara mutum 64 ne suka shiga da wannan tsari a rana ɗaya. Rabinsu, mutum 32, za su ci tun a bugun farko, kowa ya tashi da ribar 900. Mutum 16 za su ci a na biyu, bayan an cire dubun da ta faɗi ya rage musu 800. Takwas za su ci a na uku da ribar 600, huɗu a na huɗu da 200 kacal. Daga nan abin ya fara juyewa, domin od ɗin bai kai 2.00 ba, ninkin ba ya ma iya cike ramin da ke baya: mutum biyun da suka ci a bugu na biyar suna da asarar 600 kowanne, wanda ya ci a na shida kuma asarar 2,200. Saura mutum ɗaya. Shi ne ya faɗi sau shida a jere, 63,000 ɗinsa ta tafi gaba ɗaya.

Ribar waɗanda suka samu duka ta kama 47,200. Asarar sauran huɗun ta kama 66,400. An bar wa kamfani 19,200. Sai na ce ya lissafa jimillar kuɗin da mutanen nan suka zuba. A kowane mataki 64,000 ce, domin duk lokacin da yawan mutane ya ragu da rabi kuɗin suna ninkuwa, matakai shida kuwa sun ba da 384,000. Kashi 5 cikin ɗari na 384,000 nawa ne? Ya danna a wayarsa, 19,200 ta fito. Ya daɗe yana kallon allon bai ce komai ba.

Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai game da tsarin. Mutum 60 cikin 64 sun koma gida da riba, kuma su ne za su ɗora hoton tikitinsu a zaure, su rantse cewa abin yana aiki. Ba ƙarya suka yi ba. Tsarin ya kwashe asarar da za ta watsu kaɗan-kaɗan ya tara ta a kan mutum ɗaya, shi kuma kunya ba za ta bar shi ya yi magana ba. Wanda kuma yake maimaita tsarin kullum, shi ne mutum 64 ɗin nan duka, ɗaya bayan ɗaya. Faɗuwa shida a jere da ake gani kamar abu mai nisa tana zuwa kusan sau ɗaya a kowane zagaye 64. Ƙwallo ba ta san ka faɗi sau biyar ba, damar bugu na shida tana nan rabi da rabi.

Dalilin a taƙaice shi ne tsari yana iko da girman abin da ka zuba ne kawai, ba ya taɓa od, ba ya taɓa damar ci. Ɗan kasuwar da ke sayo mudun masara a 1,000 ya sayar a 950, ko buhu ɗaya ya juya ko tirela, ko ya ƙara kaya bayan ranar da kasuwa ta ƙi, kowane mudu da asararsa yake fita.

Dokar jari fa, wadda ake cewa kada ka wuce kashi 2 cikin ɗari na abin da ka ware? Ta fi ninki hankali nesa ba kusa ba, domin tana hana mutum tsiyacewa a dare ɗaya. Amma jinkiri kawai take saye. Mai jarin 100,000 da ke sa 2,000 sau biyar a rana, a kwana 30 ya juya 300,000, matsakaicin asararsa kuwa 15,000 ne. Wani watan zai ga riba, wani watan asarar ta zarce haka, sai dai yadda watanni suke taruwa haka lissafin yake matsowa kusa da kashi 5 na duk abin da ya juya. Dokar "in na ci dubu goma zan tashi" ma haka take, tunda gobe zai dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ƙanena ya ce ai akwai tsarin Keli, wanda masana suka yarda da shi. Gaskiya ne, John Kelly ya fitar da shi a 1956, kuma lissafi ne ingantacce. Amma an gina shi ne domin wanda ya riga ya sami rinjaye, wato damar cinsa ta fi abin da od ya nuna, yana faɗa masa kason jarin da ya kamata ya sa. Ga shi: f = (bp − q) ÷ b, inda b take ribar kowace naira, p damar ci, q damar faɗuwa. Muka saka namu: b = 0.9, p = 0.5, q = 0.5. Saman ya ba da 0.45 − 0.5, abin da ya gaza sifili. Idan amsa ta fito haka, kason da Keli ya ce a zuba sifili ne.

Kafin ya tashi na roƙe shi abu ɗaya. Ya buɗe tarihin asusunsa tun daga ranar da ya fara tsarin, ya haɗa duk abin da ya tura ciki, ya haɗa duk abin da ya cire, har da kuɗin balas ɗin mai Keke da ya taɓa ara ya cike bugu na biyar. Littafinsa ranakun ci kawai ya rubuta.