Sandar da ta ninka wata ba lallai adadinta ya ninka ba

An daɗe ana ɗauka cewa in sanda ɗaya ta ninka wata tsawo a jadawalin sanduna, adadinta ma ya ninka. Hakan gaskiya ne kawai idan ma'aunin gefe ya fara daga sifiri.

A ɗauki 95 da 100. In aka fara daga 90, sandar farko za ta tashi 5, ta biyu 10, ido ya ga ninki, alhali bambancin bai kai kashi 6 cikin ɗari ba. Tun da tsawo ido ke aunawa, ku fara duba lambar ƙasan ma'aunin.

Jadawalin layi, kamar na zafin jikin majiyyaci daga 36 zuwa 40, yana iya barin sifiri, domin hawa da sauka ake dubawa, muddin an rubuta lambobin a fili.

Don Allah ku tura wa wasu.