Dokokin termodinamik biyu na farko a injin niƙa

Termodinamik fanni ne na kimiyya da ke nazarin yadda zafi ke komawa aiki. A makarantun fasaha, irin su Lise Teknik Ɗan Kasawa ta Maradi, dokokinsa biyu na farko sun fi saurin shiga kan ɗalibi idan aka tsaya gaban injin niƙa mai shan gazuwal, domin duk inda makamashin ya bi ana iya gani ko a ji ɗuminsa.

Tarihi

Doka ta biyu ta riga ta farko fitowa. A 1824 Bafaranshe Sadi Carnot, yana ɗan shekara 28, ya nuna cewa injin zafi ba ya aiki sai da wuri mai zafi da wuri mai sanyi, kamar yadda ruwa ba ya juya komi sai yana gangarowa. A lokacin ya ɗauki zafi wani abu ne mai kwarara da ba ya raguwa, abin da ya zama kuskure, amma sakamakonsa ya tsaya daram. Ya rasu a 1832 aikin bai samu karɓuwa ba. Wajen 1842 zuwa 1843 Mayer a Jamus da Joule a Ingila suka nuna cewa zafi da aiki abu guda ne da ake aunawa da ma'auni guda. An yi jayayya kan wanda ya riga. Bajamushe Clausius ne ya haɗa sassan biyu a 1850, Kelvin na Birtaniya kuma ya ba doka ta biyu tasa siga a 1851.

Doka ta farko

Makamashi ba ya ɓata, ba a kuma ƙirƙirarsa, kama kawai yake sauyawa. Litar gazuwal ɗaya na ɗauke da kimanin megajul 36. A ce injin yana shan lita ɗaya a awa, wato daƙiƙa 3600: kilowat 10 ke nan ke shiga. A ƙaramin inji irin wannan, abin da ke isa bel ya juya dutsen niƙa bai fi kilowat 3 ba. Sauran 7 suna nan, zafi suka zama: kusan rabi ya bi hayaƙi ta salansa, wajen 3 sun shiga ruwan sanyaya, ɗan ragowar ya fita ta jikin ƙarfe.

Ɗalibi zai iya gwada wannan da kansa. Duron ruwan sanyaya mai lita 200 yana buƙatar kusan kilojul 836 kafin ruwansa ya hau digiri ɗaya, saboda haka kilowat 3 za su ɗaga shi kusan digiri 13 a awa. Idan ma'aunin zafi ya nuna ƙasa da haka, bambancin ya tafi a tururi da iska.

A nan akwai tarko ga ɗaliban Maradi, masu karanta littattafan Faransanci da waɗanda ke shigowa daga Najeriya. Na Faransanci sukan rubuta dokar da ΔU = W + Q, inda ΔU yake nufin canjin makamashin iskar cikin silinda, Q zafin da ya shige ta, W kuma aikin da aka yi mata; yawancin na injiniya cikin Ingilishi sukan rubuta ΔU = Q − W, inda W yake nufin aikin da iskar ta yi. Dukansu daidai ne, amma wanda ya gauraya su a lissafi guda zai ga injinsa yana ba da fiye da abin da ya sha.

Doka ta biyu

Doka ta farko ba ta hana kilowat 10 ɗin nan su zama aiki gaba ɗaya ba. Ta biyu ce ta hana: zafi da kansa daga mai zafi yake zuwa mai sanyi, kuma dole kowane inji ya zubar da wani kaso a wuri mai sanyi kafin fistan ya dawo ya sake zagaye. Iyakar kason zafin da zai zama aiki ita ce η = 1 − Tc/Th, inda Tc yake nufin zafin wuri mai sanyi, Th kuma na wuri mai zafi, da ma'aunin kelbin, wato digirin Selsiyus da aka ƙara wa 273.

A ce wutar cikin silinda ta kai kelbin 1800, waje kuma rana ce ta bazara mai digiri 40, wato kelbin 313. Lissafi ya ba da kashi 83 cikin ɗari. Ƙaramin injin gaske irin wannan yana tsayawa wajen kashi 30, saboda iskar ba ta daɗewa a wannan zafi, bangon silinda yana shanye wani, gogayya tana cin wani, hayaƙi kuma yana fita da sauran zafinsa. Injin da Rudolf Diesel ya gwada a 1897 ya kai kimanin kashi 26.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sa digirin Selsiyus kai tsaye: 40 da 1527 suna ba da kashi 97, kuma duk amsar da ta kusanci ɗari alama ce an manta ƙara 273.

Entorofi

Clausius ya raɗa wannan suna a 1865 ga ma'aunin yadda makamashi ke watsuwa, wanda doka ta biyu ta ce ba ya raguwa a rufaffen tsarin da babu abin da ke shiga ko fita.