Maimaita saƙonnin da ba sa tsufa a kafofin sada zumunta

Maimaita saƙonnin da ba sa tsufa dabara ce da masu shafuka a Facebook, Instagram, X da WhatsApp ke bi, inda suke tara saƙonnin da amfaninsu bai ɗauru da wata rana ba, su riƙa fitar da su bi da bi, in an kai ƙarshe a koma farko. Dalilinta shi ne waɗannan kafofi ba sa nuna kowane saƙo ga dukkan mabiya, kuma sababbin mabiya ba su cika komawa baya su karanta abin da ya wuce ba. Sai saƙo mai amfani ya nutse cikin 'yan kwanaki alhali yawancin waɗanda aka yi dominsu ba su gan shi ba.

Abin da ke shiga rumbu

Tarin saƙonnin da ake juyawa a nan an kira shi rumbu. Gwajin shiga rumbu guda ɗaya ne: in aka karanta saƙon bayan wata shida, shin yana nan a kan gaskiyarsa? Duk wanda ke ɗauke da farashi, ko kwanan wata, ko kalma irin su “jiya”, “bana” da “sabon zuwa”, ya faɗi gwajin. Farashi ne ya fi jawo rigima, domin mai saye zai iso shago da hoton saƙon a wayarsa yana neman a sayar masa a kuɗin da ya gani.

Akwai kuma saƙonnin da ba sa tsufa amma suna da lokacinsu. A Zariya, bayanin yadda ake sa wa masara taki na damina ne, in ya fito a tsakiyar hunturu ba wanda zai waiwaye shi. Irin waɗannan ana ware musu nasu ɓangare, a buɗe su in lokacinsu ya yi. Na azumi ba a ɗaure su da watan Bature, tunda Ramadan na matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara.

Lissafin tazara

Tazara ita ce tsawon lokacin da saƙo ke ɗauka kafin ya sake dawowa. Ana samunta ne ta raba yawan saƙonnin rumbu da yawan guraben da aka ware wa maimaici a mako.

A ɗauki misalin wani mai shagon iri da maganin feshi a Samaru. Yana da saƙonni 36 da suka ci gwajin: yadda ake gwada tsirowar iri a jiƙaƙƙen tsumma kafin shuka, yadda ake wanke injin feshi, yadda ake ɗaure buhun adana wake mai leda biyu a ciki, da makamantansu. Yana fitar da saƙo sau biyar a mako. Ya ba rumbu Litinin, Laraba da Asabar, ya bar sauran guraben biyu ga sabon abu, kamar kayan da suka iso ko amsar tambayar da wani manomi ya yi. Saƙo 36 a raba uku, mako 12 ke nan, wato kwana 84, kuma kowane saƙo zai fito kusan sau huɗu a shekara. Da a ce ya cika guraben biyar duka da rumbu mai saƙo 20, da tazarar ta koma mako huɗu, wanda ya yi kusa ƙwarai ga mai bibiyar shafin kullum.

Akwai wani ɗan tarko a lissafin nasa. Tunda 36 na rabuwa da uku ba saura, saƙon da ya fito ranar Litinin zai ci gaba da faɗowa Litinin har abada, a idon mutanen da suka saba leƙa waya a wannan lokaci. In ya ƙara saƙo ɗaya suka zama 37, kowane zagaye zai ture saƙon zuwa gurbi na gaba, na Litinin ya koma Laraba, daga nan Asabar.

Wa ke gajiya

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce tunda kaɗan ne suka ga saƙon da farko, maimaicin zai faɗa kan wasu dabam. Ba haka manhajojin ke rabo ba. Sun fi nuna saƙon shafi ga waɗanda suka saba taɓa shi, su so, su yi tsokaci. Saboda haka mutumin da ya fi ƙaunar shafin shi ne zai fi cin karo da maimaici, kuma da shi ya kamata a auna tazara. A Status na WhatsApp abin ya fi tsanani: saƙon na ɓacewa bayan awa 24, amma masu kallo lambobin nan ne dai da ke cikin wayar, kusan mutane ɗaya kullum. Abin da ya yi daidai a Facebook yakan zama naci a can.

Ido na gane hoto kafin ya karanta rubutu, don haka hoto ne abin da ake fara sauyawa, sai layin farko. Mai shagon Samaru kan ba saƙon adana wake riga uku. Zagaye na farko hoton buhu ne a ɗaure da bayanin matakai. Na biyu gajeren bidiyo ne na hannu yana matse iska daga ledar ciki kafin a ɗaure bakinta. Na uku ya buɗe da tambaya: “Malam, wakenka ya bushe sosai kafin ka zuba?” Darasin ɗaya ne, amma da wuya mai bibiya ya ji an maimaita masa. Musanya kalma ɗaya ko biyu a bar hoton yadda yake ba ya ruɗin kowa.

Kayan aiki da dokoki

Manhajoji irin su MeetEdgar, SocialBee da RecurPost an gina su ne don wannan juyi, amma na kuɗi ne. Ƙananan 'yan kasuwa da dama na wadatuwa da jadawali a littafi ko a waya, mai nuna sunan saƙo, ranar da ya fita ta ƙarshe da rigar da ya sa, su tsara fitarsa da Meta Business Suite, manhajar kula da shafukan Facebook da Instagram. A shekarar 2018 Twitter, wadda yanzu ake kira X, ta tsaurara doka kan aika saƙo iri ɗaya ko mai kama da juna daga asusu da yawa, abin da ya sa wasu manhajojin suka rage ko suka sauya yadda suke maimaita saƙo a can.

Juyin da aka bar wa na'ura bai san abin da gari ke ciki ba. Ranar da aka yi babban rashi ko wani tashin hankali, ana dakatar da jerin da hannu, in ba haka ba saƙon raha zai fito ana tsakiyar zaman makoki.

Alamun an gaji

Ba a kwatanta saƙo da wani saƙo dabam, ana kwatanta shi ne da kansa a zagayen baya, kuma da kason waɗanda suka taɓa shi cikin waɗanda ya isa gare su. In a karon farko ya kai ga mutum 800, 40 suka taɓa, kashi 5 cikin 100 ke nan. In a karo na uku ya kai ga 900 amma 18 kawai suka taɓa, ya sauko zuwa kashi 2, duk da cewa ya fi yaɗuwa. Faɗuwa sau ɗaya na iya zama ta rashin wuta ko ranar kasuwa, shi ya sa ake jiran ta maimaitu sau biyu a jere kafin a yanke hukunci. Sauran alamun su ne ƙaruwar masu ɓoye saƙo ko daina bin shafin a ranakun rumbu, da tsokaci irin “Alhaji, ai ka taɓa sa wannan.”

Saƙon da ya nuna haka ana cire shi zagaye ɗaya ko biyu, a cike gurbinsa da wani daga cikin sababbin da suka yi fice a ranakun da ba na rumbu ba, bayan an goge farashi da kwanan wata daga jikinsa.